Kafin ki ce zafi ne, duba tafin hannun jaririn

'Yan uwa mata, yanzu da zafin Afrilu ya kama a Damagaram, duk ƙurjin da ya fito wa jariri sai mu ce zafi ne. Ƙurajen zafi ƙanana ne, a wuya da ƙirji da baya, inda zufa ke taruwa. Ki rage masa kaya, ki daina lafta masa mai, cikin kwana 2 ko 3 sai su kwanta.

Wanda ke damuna shi ne ƙazuwa. Ɗan ƙanwata mai wata 5 ya yi sati 3 ana barbaɗa masa hoda, abin sai yaɗuwa yake. Da dare ba ya barci, yana ta goga ƙafafunsa. Da na buɗe tafin hannunsa da na ƙafarsa, ga ƙuraje masu ruwa. Na tambayi uwar, ashe ita ma tsakanin yatsunta na ƙaiƙayi. Wata 'yar ƙwaro ce ke shiga fata, kuma ta haɗa jiki ake ɗaukarta. A likita aka rubuta man permethrin, aka ce duk gidan a shafa rana ɗaya, a maimaita bayan kwana 7, a wanke zannuwa da ruwan zafi. Ƙaiƙayin kan ɗauki makonni kafin ya bari.

Idan kuwa kumatu ne suka bushe suna garje, yana tafiya yana dawowa, ba kowa a gida da ke susa, wannan eczema ce. Mai marar turare take so, a rage sabulu.

Don Allah kada ki shafa masa man bilicin. In kin ga mugunya ko zazzaɓi, ki kai shi likita a ranar.