Yadda za ka gano kashi nawa aka rage maka a farashi

A shagunan Garwa da Marwa na ƙasar Kamaru sau da yawa za ka ga takarda a jikin kaya, an soke tsohon kuɗi an rubuta sabo a ƙasa, amma ba a faɗi kashi nawa cikin ɗari aka sauke ba. Lissafin ba wuya.

Da farko ka cire sabon farashi daga tsohon. A ce turmin atamfa ana sayar da shi sefa 12,000, yanzu ya koma 9,000. Ragin ya zama 3,000.

Sai ka raba ragin nan da tsohon farashi, wato 3,000 ÷ 12,000, ya ba ka 0.25. A nan mutane suka fi tuntuɓe, domin hannu yakan kai ga sabon farashi, tunda shi za a biya. In ka raba da 9,000 za ka ga kusan kashi 33, alhali mai shago bai rage maka haka ba. Daga tsohon kuɗin aka yi ragin, don haka da shi ake aunawa.

Na uku, ka ninka da 100. Amsa ita ce kashi 25 cikin ɗari.

In a ka kake lissafi, yar da sifirin: 3 cikin 12, ɗaya bisa huɗu ke nan.

Sai kuma hattara da dala, wato sefa 5. Idan mai kaya ya faɗi farashi ɗaya da dala, ɗayan kuma na rubuce da sefa, ninka dalar sau 5 tukuna su zama iri ɗaya, sannan ka cire.