Babi na 6: Sayar da Kayan da Ba a Hannunka Suke Ba

Darasi na 1: Ina ribar take tafiya?

'Yan uwa ɗalibai, sannunku da ƙoƙari. Wannan sana'a ita ce ake kira dirofshifin, mu kuwa bari mu ce dillancin waya. Mai shago a Kantin Kwari ya turo muku hoton atamfa, ku sa a WhatsApp, wata mata a Ringim ta gani ta biya ku, ku tura wa mai shago kuɗinsa, shi kuma ya ba direba kayan a kai mata. Kayan ba su taɓa shiga ɗakinku ba.

Ku buɗe littafi, ku ja layi daga sama zuwa ƙasa. Hagu na kuɗin da ya shigo ne, dama na wanda ya fita. Farashin nan misali ne, kasuwa tana canzawa.

Kun sayar da turmi ɗaya naira 10,500. Ku rubuta a hagu. Mai shago ya karɓi 9,000. Ku rubuta a dama. Saura 1,500. Da yawa a nan suke ajiye biro su ce sun ci ribar 1,500. Ba a gama ba tukuna, ku ci gaba da rubutu a dama. Yaron shago da ya kai kayan tasha, 300. Kuɗin mota daga Kano zuwa Ringim, 500. Ladan mai POS, 200. Kati da data, 150. In an haɗa ya kama 1,150. A cire daga 1,500, saura 350. Wannan 350 ita ce taku. Wanda lissafin ya rikice masa ya sake a hankali, ba gaggawa.

Me ya sa ta yi ƙanƙanta haka? Wanda ya sari dila guda ana yi masa farashin sari, ku kuwa ɗai-ɗai kuke ɗauka, don haka farashin da ake ba ku bai yi nisa da na kowa ba. Sannan hoton da aka turo muku an tura wa wasu masu yawa. In kun ce 12,000, mai saye za ta ga wannan zanen a wajen wata a 10,500, ta wuce ba sallama. Kuɗin mota kuma turmi ɗaya ne yake ɗaukarsa shi kaɗai. Da za ku haɗa turmi 4 na gari ɗaya a ƙunshi guda, 800 ɗin yaro da mota ta rabu huɗu, kowane ya ɗauki 200, sai ribar turmi ta tashi daga 350 zuwa 950.

Yanzu ku dubi abin da kuskure ɗaya yake ci. An aiko kalar da ba ita aka nema ba. In mai shago ya yarda ya canza, za ku biya mota komawa 500, dawowa 500, yaro 300. Naira 1,300 ke nan, kusan ribar turmi 4. In ya ce kayan da suka fita ba sa dawowa, 9,000 ta maƙale, kuma sai kun sayar da turmi 26 kafin ku mayar da ita.

Darasi na 2: Tambaya kafin karɓar kuɗi

Wannan shi ne matakin da aka fi tuntuɓe a kansa, don haka za mu daɗe a nan.

Mai saye ta ce tana so. Kada ku ba ta lambar asusu tukuna. Ku ce: "Hajiya, ki ba ni minti goma in tabbatar." Sai ku kira mai shago. Kira, ba saƙo ba, domin saƙo yana iya kwana ba a buɗe ba. Ku tambaye shi: "Alhaji, wannan zanen yana nan yanzu a shago? Guda nawa ya rage? Farashin yana nan yadda yake? Yaushe zai fita tasha?" Ku roƙi ya ɗauki sabon hoto, kayan a hannunsa. Hoton da ke wayarku mai yiwuwa ya yi sati biyu, an riga an sayar da kayan tuni.

Sai ya amsa sannan ku koma wa mai saye. Mu maimaita: a kira mai shago, sannan a karɓi kuɗi. Ko da jiya kun tambaya, yau ma ku tambaya, kaya suna ƙarewa tsakanin hantsi da azahar. Ko da ɗan uwanku ne mai shagon, ku tambaya. Ko mai saye tana gaggawa, ku tambaya. Ku rubuta a bangon littafinku da manyan baƙaƙe: KIRA, SANNAN KUƊI.

Ga abin da ke faruwa in an tsallake. Matar nan ta biya ranar Litinin, anko ne na bikin da za a yi Asabar ta sama, kun ce mata Laraba. Talata mai shago ya ce wannan kalar ta ƙare, sabon kaya yana hanya. Laraba ta aiki yaro tasha, ya zauna a bencin 'yan kamasho har la'asar, ya koma hannu rabbana. Alhamis ta kira sau uku, kunya ta hana ku ɗauka. Kayan ba su iso ba sai Talatar sama, tela kuma ya ce ɗinki ya yi masa yawa, ba zai gama kafin Asabar ba. Ita ba ta san mai shago ba, ba ta san direba ba, ku ta ba kuɗinta. A gidan biki za a tambaye ta me ya hana ta yin anko, kuma sunanku za ta faɗa a gaban matan da kuke sa ran su saya. A ƙauye kowa ya san gidan kowa.

Wallahi abin takaici ne a ga mutum ya ji wannan sau uku a aji, ya fita ya karɓi kuɗin mutane a kan tsohon hoto. Katin kiran bai kai naira 100 ba. Wace irin rowa ce wannan? Ku kira tukuna. Kuma ku faɗa wa mai saye tun farko cewa kayan daga Kano za su zo, ba a ɗakinku suke ba.

Darasi na 3: Sa rana

In mai shago ya ce gobe, ku ce wa mai saye gata. Direba ba ya tashi sai mota ta cika, Juma'a aiki yana raguwa, da damina hanyar ƙauye tana ɓaci, gab da Sallah kuma kaya suna cunkushewa a tasha. Ku tambayi mai saye ranar da take bukatar kayan. In saura ƙasa da kwana 10 kuma sai an ɗinka, gara ku ce ba zai yiwu ba. Kaya suna fita ku karɓi lambar direba da ta mota, ku tura mata.

Darasi na 4: In an makara

Ku riga ta kira. Ku faɗi gaskiyar abin da ya faru da sabuwar rana, ku ba ta zaɓi: ta jira, ta canza kala, ko a mayar mata da kuɗinta a ranar. Shi ya sa ba a taɓa riba sai kaya sun isa hannu. Mai shagon da ya saɓa rana sau biyu, ku nemi wani.

Aikin gida

An sayi takalmi a Ƙofar Wambai 4,000, an sayar 5,200. Yaro 300, mota 500, POS 100, kati 100. Nawa ne riba? Sannan ku rubuta tambayoyi huɗu da ake yi wa mai shago kafin a karɓi kuɗi.