Babi na Tara: Wasiƙar Karɓo Takardun Jingina Bayan Gama Biyan Bashin Banki

A ƙauye idan ka ci bashin maƙwabci ka biya, kun tafa hannu a gaban shaidu, magana ta ƙare. Banki ba haka yake ba. Shi da abin da ke rubuce yake aiki. Ko da ka zuba kuɗin wata na ƙarshe, muddin littafinsu bai nuna an rufe bashin ba, sunanka yana cikin waɗanda ake bi, takardar gidanka ko ta gonarka kuma tana kulle a ma'ajiyarsu. Sau da yawa ba wanda zai aiko maka cewa ka zo ka karɓa. Kai ne za ka nema, kuma a rubuce. Alƙur'ani ma, a aya ta 282 ta Suratul Baƙara, ya umarce mu da rubuta bashi, ayar da ke biye kuma ta yi maganar jingina. To yadda aka rubuta ranar karɓa, haka ya kamata a rubuta ranar sallama.

Kafin ka ɗauki biro

Mu ɗauki misalin wani mai niƙa a wani ƙauye na ƙasar Ringim. Ya karɓi naira 600,000 a watan Nuwamba na 2023 ya sayi injin niƙa. Aka yi yarjejeniya zai mayar da naira 720,000, wato naira 60,000 duk wata har wata 12. Ya ajiye wa banki takardar mallakar gonarsa da rasit ɗin injin, surukinsa kuma ya tsaya masa, ya bar musu cek guda biyu da sa hannunsa.

A watan Nuwamba na 2024 ya zuba kuɗin ƙarshe. A lissafinsa an gama. Da ya je banki ya nemi a buga masa bayanin asusun bashin, sai ya ga saura naira 1,900. Daga ina? A wata na bakwai ya zuba 60,000 cif-cif, ba ɗoriya, kafin ranar cirewa banki ya zare kuɗin saƙon waya, sai kuɗin suka gaza cika. A wata na tara kuma ya makara da kwana goma saboda ruwa ya yanke hanya, aka ɗora masa tara. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma sun isa su hana a rufe bashin, kuma idan aka bar su ƙaruwa za su riƙa yi.

Saboda haka aikin farko shi ne ka je ka ce a ba ka bayanin asusun bashi tun daga ranar da ka karɓa har zuwa yau. Ka lura, asusun bashi daban yake da asusun da kake ajiya. Ka kai idonka layin ƙarshe, sai ka ga 0.00 a wurin ragowa. Idan da saura, ka tambayi dalili, ka gwada da rasit-rasit ɗinka. In gaskiya ne ka biya nan take ka karɓi shaida, in kuskure ne ka sa maganar a cikin wasiƙar. Wani abu game da rasit na masu POS: rubutunsa yana gogewa, musamman idan ya sha zafi a aljihu ko a ƙarƙashin katifa. Wata shida sai ka tarar da farar takarda. Ka riƙa yin fotokofinsa tun yana sabo.

Sannan ka nemo takardar yarjejeniyar da ka sa wa hannu ranar karɓar bashi. A ciki akwai lambar bashin da jerin abubuwan da ka jinginar. Daga nan za ka kwafo su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da wasiƙar ke nema

Abu biyu ne manya. Na farko, takardar shaida cewa banki ba ya bin ka ko kwabo. A samanta za ka ga an buga Letter of Non-Indebtedness, ka riƙe wannan suna domin shi ma'aikatan suka sani. Na biyu, a dawo maka da takardunka na asali. Kada ka rubuta "a ba ni takarduna" kawai. Ka ambaci kowace da sunanta da lambarta, domin abin da ba ka ambata ba yana iya zama a can.

Ga yadda mai niƙan nan zai rubuta tasa. Inda aka bar ɗige-ɗige, nan ne kowa zai sa nasa.

Unguwar ........, Ƙauyen ........,
Ƙaramar Hukumar Ringim,
Jihar Jigawa.
2 ga Disamba, 2024.

Manaja,
Bankin ........,
Reshen ........

Ranka ya daɗe,

NEMAN SHAIDAR GAMA BIYAN BASHI DA SAKIN TAKARDUN JINGINA

Bayan gaisuwa. Ni ne ........, mai asusu mai lamba ........ a wannan reshe. A watan Nuwamba na 2023 na karɓi bashin naira 600,000 mai lamba ........, bisa sharaɗin in mayar da naira 720,000 cikin wata 12. Na kammala biya, har da ragowar naira 1,900 da na biya ranar 29 ga Nuwamba, 2024. Ga kofen bayanin asusu da na rasit na haɗo.

Ina roƙon a ba ni takardar shaida cewa banki ba ya bi na komai, kuma an sallami wanda ya tsaya mini, Malam ........

Ina kuma roƙon a dawo mini da abubuwan da na jinginar, su ne: takardar mallakar gona ta asali mai lamba ........, rasit ɗin injin niƙa na asali, da cek guda biyu na wanda ya tsaya mini masu lamba ........ da ........

A ƙarshe, a taimaka a dakatar da duk wani umarnin cire kuɗi daga asusuna, a kuma gyara sunana a wurin hukumomin da ke ajiye tarihin masu bashi. Zan ji daɗi idan aka kammala cikin mako biyu. Ana iya samu na a wannan lambar waya ........

Na gode.
Naka,
Sa hannu da cikakken suna.

Dubi yadda take gajera. Ba a sa labarin wahalar da aka sha ba, ba a yi faɗa ba, ba a yi magiya ba. Haƙƙinka kake nema, ladabi ya isa. Sunan da za ka rubuta ya zama daidai da wanda ke kan asusunka da lambarka ta BVN. Idan a banki Muhammadu kake, kada ka rubuta Mamman. Sa hannu ma irin wanda suka sani, mai dangwale kuma ya dangwala a gaban ma'aikacinsu. Idan reshen ya ce sai da Turanci, ka fara rubuta taka da Hausa, ka kai wa malamin makaranta ko wani amintacce ya juya maka, sannan ya karanta maka abin da ya rubuta, ka duba lambobin da idonka kafin ka sa hannu.

Sakin layi na ƙarshe na wasiƙar yana buƙatar bayani. Bankuna suna aika sunayen masu bashi ga hukumomin ajiye tarihin bashi, kuma duk bankin da ka je neman sabon bashi sai ya leƙa can. Idan ba a gyara ba, naira 1,900 za ta iya hana ka bashin taki baɗi. Haka kuma tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya fito da tsarin da ya ba banki damar ciro kuɗin bashin da ba a biya ba daga asusunka na wani bankin, idan ka sa hannu a kan haka ranar karɓa. Shi ya sa ake neman a dakatar da umarnin.

Ranar kaiwa da ranar karɓa

Ka yi kofi biyu. Ka miƙa ɗaya, ɗayan kuma ka ce a buga maka hatimi da kwanan wata, wanda ya karɓa ya sa hannu. Wannan kofi mai hatimi shi ne makaminka. Na fi nanata wannan a kan komai, domin ma'aikacin da ya ce maka "je ka, Baba, za mu kira ka" ana iya yi masa canjin wurin aiki gobe, wanda ya gaje shi kuma bai san da maganar ba. Kada ka damƙa wasiƙar ga jami'in da ke zuwa ƙauye karɓar kuɗi ya tafi da ita a jaka. Ka kai ta reshe da ƙafarka.

Takardun filaye galibi ba a ƙaramin reshe ake ajiye su ba, sai an aiko da su daga babban ofis, don haka ɗan jinkiri ba abin tashin hankali ba ne. Amma idan mako biyu ya wuce shiru, ka koma da kofinka, ka rubuta tuni, ka nemi a shigar da ƙorafinka a ba ka lambarsa. Idan wata guda ya shuɗe ba a yi komai ba, kana da damar kai kuka sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya, wanda ke da reshe a Kano da Dutse. Abin da za su fara tambaya shi ne shaidar ka kai kuka bankinka tukuna.

Ranar karɓa ka je da katin shaidarka. Za su miƙo maka littafi ko fom ka sa hannu cewa ka karɓi komai. Kada ka yi gaggawa. Ka zauna, ka buɗe ambulan, ka shimfiɗa takardun a kan tebur, ka bi jerin da ke wasiƙarka. Ka shafa wurin hatimi, ka duba tawadar sa hannu, domin ka tabbata ta asali ce ba fotokofi ba. Ka ƙirga shafuka, ka ga ko taswirar filin tana nan. Idan cek ɗaya ya ɓace, ka rubuta haka kusa da sa hannunka. Cek ɗin surukinka kuwa ka mayar masa hannu da hannu tare da kofen takardar sallama, domin shi ma ya kwana da nauyin nan shekara guda.

Akwai wani bambanci da ya kamata ka tambaya. Wani bashin, takardar fili kawai aka ajiye, da an dawo da ita shi ke nan. Wani kuwa, musamman mai yawa da aka jinginar da C of O, wato takardar mallakar fili da gwamnati ke bayarwa, an yi wa jinginar rajista a ofishin filaye na jiha da amincewar gwamna, kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada. A irin wannan, karɓo takardar bai wadatar ba. Sai banki ya ba ka wata takarda mai suna Deed of Release, a kai ta ofishin filayen a yi mata rajista. In ba haka ba, ranar da ka tashi sayarwa, ko magada suka tashi rabo, za a tarar fayil yana nuna filin na hannun banki.

Aikin aji

Kowa ya kwafi wasiƙar nan a littafinsa, ya sauya ta zuwa ta wata mai sana'ar ƙuli-ƙuli da ta karɓi naira 150,000, ta jinginar da rasit ɗin injin markaɗe da takardar filin da ta gada. Idan kun gama, ku yi musayar littafi da na kusa da ku, kowa ya duba ko ɗan'uwansa ya sa kwanan wata, lambar asusu, lambar bashi, da sunan kowace takarda.