Yadda za ka gane ɗalibi ya duba aikinsa da takardar amsa ta wani rukuni

A ajinmu na firamare a Nima, nakan raba aikin lissafi kashi biyu, A da B, don kada yara su kwafi na juna, sannan kowa ya duba nasa. Nan ne kuskure ke shigowa.

Da farko, lura da maki. Yarinyar da ta saba cin takwas cikin goma ta kawo maka biyu, idonta ya cika da hawaye. Kada ka yi mata faɗa tukuna.

Ɗauki tambaya guda da ta soke, ka lissafa da kanka. Takardarta ta ce 7 × 8, ta rubuta 56, amma ta soke saboda takardar amsa ta nuna 54. Ai 54 amsar 6 × 9 ce, tambayar da ke wannan lamba a rukunin B. Ƙara gwada biyu, domin guda ɗaya tana iya zama kuskuren bugu. In duk sun fito haka, dubi harafin da ke saman takardun biyu.

Waɗanda ta ci ma a sake duba su. Wataƙila amsa ce ta zo ɗaya a rukunan biyu, ko kuma ta goge nata daidai ta kwafi na takardar. Ɗaga takardar wajen haske, za ka ga alamar gugar.

Sai ka ba ta takardar amsa ta A, ta sake dubawa da biro mai wani launi. Ka kuma nemi wanda ya riƙe tata, galibi maƙwabcin zamanta ne, shi ma makinsa ya rikice.