Yadda ake gane mura ta fara sauka huhu

Mura mai ƙarfi, wadda ke zuwa da zazzaɓi da ciwon jiki da kasala, tana da tafiyarta da aka sani. Kwana biyu zuwa uku na farko su ne masu wuya. Zuwa kwana na huɗu ko na biyar zazzaɓi ya kan sauka, mutum ya fara neman abinci, sai tari da ke iya jan mako biyu yana raguwa a hankali. Duk abin da ya kauce wa wannan tafiya shi ne abin dubawa, kuma a gida ana iya gane mafi yawansa da agogo da ido.

Mataki na farko shi ne riƙe lissafin kwanaki. A rubuta ranar da zazzaɓi ya fara da ranar da ya sauka. Alamar da aka fi yin sakaci da ita ita ce mutum ya samu sauƙi, har ya koma kasuwa ko makaranta, bayan kwana biyu ko uku kuma zazzaɓi ya dawo da rawar sanyi, tari ya ƙara nauyi. Gida sai a ce ya sake shan iska ne. Abin da ya faru shi ne ƙwayar murar ta goge rufin hanyoyin numfashi, wanda ke share datti yana turo shi waje, sai bakteriya suka samu ƙofa suka shiga huhu. Wannan ce limoniya, wadda wasu ke kira ciwon haƙarƙari. Haka nan zazzaɓin da ya wuce kwana huɗu bai nuna alamar sauka ba, shi ma a kai asibiti. A kula kuma, farasitamol na ɓoye zazzaɓi na 'yan sa'o'i, don haka a auna zafin jiki kafin a sha, ba bayan an sha ba.

Mataki na biyu, wanda ya fi kowanne amfani, shi ne ƙirga numfashi. A jira sai yaro ya natsu ko yana barci, ba yana kuka ko shan nono ba. A ɗaga rigarsa, a zuba wa cikinsa ido, a ajiye agogon waya kusa. Tashi da sauka ɗaya, numfashi ɗaya ke nan. A ƙirga minti ɗaya cif. Kada a ƙirga daƙiƙa goma sha biyar a ninka, domin jarirai suna numfashi da sauri su ɗan tsaya su ci gaba, lissafin sai ya fita ba daidai ba.

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar shi ne: jariri ƙasa da wata 2, numfashi 60 ko fiye a minti ya yi yawa, daga wata 2 zuwa wata 11, numfashi 50, daga shekara 1 zuwa ƙasa da shekara 5, numfashi 40. Babba mai lafiya da ke zaune yana yin 12 zuwa 20. In ya haura 20 ya tsaya a can, a je a duba shi ranar. In ya kai 30, ba a jira gari ya waye.

Tun rigar na ɗage, a dubi ƙasan ƙirji, inda haƙarƙari ya ƙare ciki ya fara. A lafiyayyen yaro, idan ya ja iska, ƙirji da ciki tare suke tasowa. Idan huhu ya yi tauri saboda ciwo, yaro na jan iska sai ka ga ƙasan ƙirjin ya lotsa ciki, kamar ana janyo shi da zare daga baya. Sai an ga hakan a kowane numfashi, yaro yana natse, sannan ya zama alama. Hancin da ya toshe da majina na iya kawo makamancin haka, don haka a share hancin a sake dubawa. Ƙofofin hanci da ke buɗewa da kowane ja, da ɗan nishi a ƙarshen kowane numfashi, su ma alamu ne na yaron da ke kokawa da iska.

A ɗauki misalin yarinya 'yar wata 18 da ta kamu da mura cikin hunturu. Ran Litinin zazzaɓi ya fara, ran Alhamis ya sauka, ta koma wasa. Daren Asabar jiki ya sake zafi, ma'auni ya nuna 39. Uwa ta ƙirga numfashi tana barci, ta samu 46. Zafin jiki kansa na ƙara saurin numfashi, saboda haka ta ba ta farasitamol daidai nauyinta, ta sake ƙirgawa bayan awa ɗaya da jikin ya huce, ta samu 44. Har yanzu ya wuce 40. Ƙirji bai lotsa ba, tana shan ruwa, tana gane mutane. Wannan yarinya da sassafe za a kai ta asibiti, a faɗa wa ma'aikacin lafiya ranakun da lambobin nan biyu. Mai yiwuwa ya yi mata gwajin maleriya, tunda zazzaɓin cizon sauro ma yana kawo haki, sannan ya rubuta amoksisilin gwargwadon shekarunta da nauyinta. Da a ce ƙirjin na lotsawa, ko ta ƙi nono da ruwa, da daren za a nemi abin hawa.

Akwai alamun da ba sa buƙatar ƙirga komai: yaro ya kasa sha, ko ya amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko jijjiga, ko barcin da tada shi ke wuya, ko ya yini bai yi fitsari ba. Jariri ƙasa da wata uku da zafinsa ya kai 38, ko jikinsa ya yi sanyi ƙalau, asibiti kai tsaye. Ƙarancin iska a jini ba ya saurin nunawa a baƙar fata, don haka a buɗe baki a dubi harshe da cikin leɓe. In sun koma toka-toka ko shuɗi-shuɗi, gaggawa ce. Mai 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin a jini, in ta nuna 92 ko ƙasa ga wanda ba ya da tsohon ciwon huhu, a tafi. Ƙasa da 90 kuwa oksijin ake buƙata. Yatsa mai sanyi ko baƙin lalle na rikita ta, kuma a fata mai duhu ta kan nuna sama da gaskiya, don haka lamba mai kyau ba ta wanke wanda ake gani yana haki ba.

Babba ya kan faɗi da bakinsa: suka a gefen ƙirji idan ya ja numfashi ko ya yi tari, kaki mai launin tsatsa ko ɗigon jini, kasa ƙarasa magana ba tare da ya tsaya ya huta ba. Kore ko ɗorawar majina kaɗai ba hujja ba ce, mura zalla ma na kawo ta. Tsofaffi ne masu ruɗarwa, domin sau da yawa ba su yin zazzaɓi. Sai dai a ga Baba ya daina cin abinci, yana rikita sunayen jikoki, ko ya faɗi a hanyar bayan gida. Mai ciki ko mai jego, mai asma, mai sikila, mai ciwon suga ko na zuciya, da yaro mai tamowa, su kam tun kwana biyun farko ya kamata likita ya gan su.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sayi ƙwaya huɗu ta maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis tun ranar farko. Ba ta taɓa ƙwayar mura, kuma guntun magani ba ya warkar da limoniya in ta zo. Kada a ba yaro mai mura asfirin, yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Idan an fara maganin asibiti, a ci gaba da ƙirga numfashi safe da yamma. Kwana biyu zuwa uku ba canji, a koma. Sanƙarewar wuya da matsanancin ciwon kai, musamman da bazara, a yi zargin sanƙarau. Tarin da ya wuce mako biyu da rama da zufar dare, a kai kaki a gwada tarin fuka.