Kurakuran da ake yi wajen yi wa tsoho tafinta a aikin yanar ido

A asibitocin ido na Kumasi, likita da Turanci ko Tuwi yake bayani, takardar amincewa kuma da Turanci take. Tsohuwar da aka kawo daga Aboabo ko Asawase ba ta da abin dogaro sai ɗanta ko jikanta da ya rako ta. Likita ya yi minti biyar yana magana, sai jikan ya juyo ya ce, "Hajiya, wai za su wanke miki idon ne, dangwala nan." Yawancin matsalolin daga wannan gajartawar suke tasowa.

Yana ba a saman ido take ba, balle a kankare ta. Wani ɗan madubi ne da ke cikin ƙwayar ido ya dushe. Likita zai yi 'yar ƙaramar tsaga, ya fitar da shi, ya sa na roba a gurbinsa, wanda zai zauna har ƙarshen rayuwa. Idan kai ne mai tafinta, faɗa mata haka ɗin, domin tana da haƙƙin sanin za a bar wani abu a jikinta. Ka gaya mata kuma yawanci idon kawai ake kashewa, ba a sa barci: za ta ji motsi da muryoyi, kuma dole ta kwanta ba motsi. Tsohuwar da aka ce wa ba za ta san komai ba, idan ta ji ana taɓa ta, firgita za ta yi ta ɗaga kai.

Ɓoye hatsari don tausayi shi ya fi damuna. Takardar tana ambaton cewa ido na iya harbuwa da ƙwayoyin cuta, ana iya buƙatar aiki na biyu, kuma jefi-jefi gani kan ragu ko ya tafi. Mai tafinta sai ya haɗiye duk wannan ya ce "in sha Allahu lafiya lau". Addu'a a yi ta, amma bayan an isar da saƙo. A ce mata yawancin mutane ganinsu na gyaruwa, ga kuma abin da kan faru ga kaɗan daga ciki, sannan ƙila ta buƙaci tabarau don karatun Alƙur'ani. Idan tana da ciwon sukari ko hawan jinin ido, a tambayi likita a gabanta iya gyaran da za a sa rai. Kafin ta dangwala, a bar ta ta maimaita da bakinta wane ido za a yi wa aiki da abin da za a yi masa. Gyaɗa kai ba shaida ba ce, kunya ma tana sa a gyaɗa.

Sai maganin ɗigawa. A ce an sallame ta da kwalba biyu, ɗaya na kashe ƙwayoyin cuta, ɗaya na rage kumburi, kowanne sau 4 a rana a idon dama. Mutane kan ce mata "bayan kowace salla", alhali salla biyar ce, kuma Magariba da Isha kusa suke da juna. Abin da ya fi shi ne a ce bayan Asuba, bayan Azahar, bayan Magariba, sai lokacin kwanciya. A wanke hannu, a ja fatar ido ta ƙasa, a sa ɗigo ɗaya tak, kada bakin kwalba ya taɓa ido. A jira minti 5 kafin kwalba ta biyu, in ba haka ba na biyun zai wanke na farko. Wanda ruwansa yake fari kamar madara a girgiza shi tukuna.

Na rage kumburi sau da yawa rage shi ake yi a hankali, misali sau 4 a rana a makon farko, 3 a na biyu, sannan 2, sannan 1. Mai tafinta kan faɗi makon farko kawai, sai ta daina da zarar ta ji sauƙi kumburi ya dawo, ko ta yi ta saye a kantin magani wata da watanni har matsin cikin idon ya hau. Ka bi adadin da ke takardarta, ka ɗaura zare a kwalba ɗaya don ta bambance su, ka zana mata makonnin a kalanda da manyan alamu.

Idan nas ta ce kada ruwa ya shiga ido, ƙila ba ta yi tunanin alwala ba. Kai za ka tambaya: kwana nawa, yaya za ta wanke fuska, yaushe za ta koma sujada. Kwalli, hayaƙin murhu da murza ido duk a dakatar, a riƙa ɗaura marfin kariya da dare.

Ɗan ƙaiƙayi da hawaye a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne. Amma ciwon da ke ƙaruwa, gani da ya fara kyau ya koma dushewa, ja mai tsanani ko kwantsa mai yawa, ba a jiran ranar da aka rubuta a kati. A koma asibiti a ranar, ko da dare ne, a tafi da kwalaben maganin duka.