Kurakuran da aka fi yi wajen gano jarumin da ya fito a matsayi biyu cikin shiri ɗaya

Wanda ya kalli Game of Thrones tun daga farko zai iya tuna wasu yara biyu 'yan gidan Lannister da mutanen Robb Stark suka kama a zango na 3. Ɗaya daga cikinsu, Martyn, shi ne wanda Talisa ke ɗaure wa rauni a hannu, yana tambayarta ko da gaske ne Robb yana rikiɗa ya koma kyarkeci da dare. Ba a jima ba Rickard Karstark ya kashe yaran, aka shimfiɗe gawarsu a gaban Robb. To a zango na 4 sai ga wannan fuska ta dawo, a wannan karon a fadar King's Landing, a matsayin Tommen, ƙanin Joffrey, wanda daga baya aka naɗa sarki. Mai kallo da ya ce "ai na san yaron nan, kuma ya mutu" bai yi kuskure ba. Mutum ɗaya ne, Dean-Charles Chapman, ya fito a matsayin Martyn a 2013, sannan ya karɓi matsayin Tommen daga 2014 har zuwa 2016. Sai dai hanyar da yawancinmu ke bi wajen tabbatar da irin wannan abu tana cike da ramuka, kuma wannan misalin kaɗai ya isa ya nuna mafi yawansu.

Babban kuskuren shi ne mutum ya tsaya a kan fuska. Ido yana da amfani, domin shi ne ke fara tayar da tambayar, amma ba ya iya yanke hukunci. A shirin nan musamman, masu zaɓen 'yan wasa da gangan suke nemo masu kama da juna: duk ɗan gidan Lannister ana son ya kasance mai gashi ruwan zinariya, 'yan Arewa kuma masu gemu da tufafi masu duhu. Idan ka ɗora yara biyu farare masu gashi iri ɗaya a ƙarƙashin hasken kyandir, a kan allon wayar da bai wuce tafin hannu ba, kama da wane za ta yi yawa, alhali kama da wane ba ta wane. Akwai kuma akasin haka, inda mutumin ɗaya ne amma ido ba zai taɓa ganewa ba. Ian Whyte, tsohon ɗan ƙwallon kwando da tsayinsa ya haura mita 2, shi ne Gregor Clegane a zango na 2, kuma shi ne ƙaton nan Wun Wun a zango na 5 da na 6. An lulluɓe masa fuska da roba da gashi ta yadda ko maƙwabcinsa ba zai shaida shi ba. Gyaran wannan kuskure shi ne ka ɗauki abin da idonka ya gani a matsayin zargi, ka tafi neman suna.

Murya ma haka take, kuma a nan mu masu kallon fassarar Hausa muna da tarko na musamman. Sau da yawa mai fassara ɗaya ne ke yi wa mutum uku ko huɗu magana a fim guda, don haka jin murya iri ɗaya ba ya nuna komai game da ɗan wasan da ke kan allo. Ko a asalin shirin, yaron da aka ɗauka yana ɗan shekara 15 muryarsa za ta buɗe kafin ya kai 18. Chapman an haife shi a 1997, ke nan yana cikin waɗannan shekarun ne daidai lokacin da ya tashi daga Martyn zuwa Tommen.

Kuskure na biyu ya fi na farko wahalar ganewa, domin mai yin sa yana ganin bincike yake yi. Mutum zai buga sunan Tommen a waya, ya ga hoto da suna, ya ce ya gama. Matsalar ita ce Tommen mutum biyu ne suka yi shi. A zango na 1 da na 2 wani yaro ne mai suna Callum Wharry, a zango na 3 ba a nuna Tommen ba sam, sai a na 4 aka kawo Chapman. Wanda ya kwatanta Martyn da Tommen na zangon farko zai rantse cewa ba mutum ɗaya ba ne, kuma gaskiyarsa. Wanda ya kwatanta shi da Tommen mai sarauta zai rantse cewa shi ne, shi ma gaskiyarsa. Na sha ganin irin wannan musu yana cin lokaci a majalisa, kowa na riƙe da hotonsa, alhali ba magana ɗaya suke yi ba. Abubuwa biyu ne daban aka cakuɗa: jarumi ɗaya da ya yi matsayi biyu, da matsayi ɗaya da jarumai biyu suka yi. Gregor Clegane ma mutum uku ne suka yi shi, Conan Stevens da Ian Whyte da Hafþór Björnsson, don haka cewa "mai fitowa a Gregor" ba ta da ma'ana sai an faɗi zangon.

Maganinsa shi ne kada ka nemi kowa sai ka fara kafa wurare biyu: zango da kashin da ka ga fuskar ta farko, da zango da kashin da ka ga ta biyu. Ga yadda aikin yake a wannan misali. Martyn ya fito a kashi biyu kacal na zango na 3, wato kashi na 3 mai suna Walk of Punishment, inda ake masa magani, da kashi na 5 mai suna Kissed by Fire, inda aka kashe shi. Don Tommen sai ka ɗauki zango na 4 kashi na 3, Breaker of Chains, inda kakansa Tywin ke tambayarsa abin da ke sa sarki ya zama nagari, suna tsaye a gaban gawar Joffrey. Idan ba ka tuna lambar kashi ba, tuna abin da ya faru a cikinsa ya wadatar, domin taƙaitaccen labarin kowane kashi yana nan a rubuce, kuma hukuncin kisan Karstark ba zai ɓace maka ba. Da ka samu kasusuwan biyu, sai ka je ƙarshen kowanne ka karanta jerin sunayen da ke fitowa bayan an gama. Idan suna ɗaya ya fito a duka biyun, ka samu zaren.

Nan ne wasu ke sake zamewa. Suna duba sunayen da ke fitowa a farko tare da kiɗan buɗe shiri, ba su ga sunan ba, sai su ce ai bai fito ba. Sunayen farko na manyan 'yan wasa ne kawai. Baƙi da masu ƙananan matsayi a ƙarshe ake rubuta su, kuma Chapman bai shiga jerin farko ba sai a zango na 5. Ƙari a kan haka, kwafin da ake turawa a waya sau da yawa an datse masa ƙarshe don a rage nauyi, don haka wurin da amsar take shi ne aka jefar. Sannan jerin ƙarshe a wasu shirye-shiryen sunan ɗan wasa kawai yake kawowa ba tare da matsayinsa ba. A irin wannan hali sai ka buɗe shafin wannan kashin kansa a IMDb, dandalin intanet mai tattara bayanan fina-finai, ka shiga cikakken jerin 'yan wasansa, inda kowane suna ke haɗe da matsayin da ya taka.

IMDb ɗin ma yana da wurin da yake yaudarar mai gaggawa. A babban shafin shiri, matsayin da mutum ya fi yawan fitowa da shi ne ke kan gaba, na biyun kuma yakan ɓuya a bayansa ko a gajarce shi. Mai kashi biyu a matsayin Martyn da kasusuwa da yawa a matsayin Tommen zai bayyana maka a matsayin Tommen, sai ka buɗe jerin kasusuwansa ɗaya bayan ɗaya kafin ka ga Martyn. Haka kuma idan 'yan wasa biyu suna da suna iri ɗaya, shafin yana bambanta su da lambar Romawa a gefen sunan, kamar (I) da (II). Wanda bai lura da ita ba zai haɗe mutum biyu ya mai da su ɗaya. Idan ka ga kalmar uncredited a gefen matsayi, ma'anarta sunan bai fito a allon shirin ba, wani ne ya ƙara shi daga baya. Jama'a ne ke shigar da bayanan shafin, don haka irin wannan yana buƙatar shaida ta biyu, kamar hirar da ɗan wasan ya yi da bakinsa. Hotuna biyu da aka manna gefe da gefe ana yawo da su ba shaida ba ne, komai yawan waɗanda suka tura.

Akwai kuskuren da nake jin tausayin masu yin sa, domin son labarin ne ke kai su. Da zarar sun tabbatar mutum ɗaya ne, sai su fara neman ma'ana a cikin labarin: ko Martyn bai mutu ba, ko an musanya yaran. Babu ko ɗaya. Martyn ɗan Kevan ne, ƙanin Tywin, don haka ɗan uwan Tommen ne na jini, kuma wannan ya sa kamar ba ta dami kowa ba, amma shirin bai taɓa cewa komai a kanta ba. Dalilin yana bayan kyamara: ana buƙatar Tommen ya ɗan girma domin zai hau karaga ya kuma yi aure, ga kuma yaron da aka riga aka ga aikinsa. Dogayen shirye-shirye sun saba da haka. A Law & Order, Jerry Orbach ya fito a matsayin lauya a 1991, sannan a 1992 ya dawo a matsayin ɗan sandan ciki Lennie Briscoe ya zauna har 2004, ba tare da an yi wa kowa bayani ba.

Amma kada a mai da wannan doka, domin wani lokacin marubuta suna waiwayowa su ɗinke ɓarakar. A Doctor Who, Freema Agyeman ta fito a matsayin Adeola a 2006 aka kashe ta, da ta dawo a 2007 a matsayin Martha Jones sai aka sa Martha ta ambaci Adeola a matsayin 'yar uwarta. Peter Capaldi ya fito a matsayin Caecilius, wani ɗan kasuwa a Pompeii, a 2008, daga baya ya zama Likitan na 12, wato babban tauraron shirin, kuma a wani kashi na 2015 mai suna The Girl Who Died Likitan ya tuna inda ya samo wannan fuska da dalilin da ya sa ya ɗauke ta. Yadda za ka bambance shi ne ka nemi wurin da wani a cikin shirin ya furta alaƙar da bakinsa, ko aka dawo da tsohon hoton aka nuna. A wajen Capaldi an nuno Caecilius a allo a daidai lokacin. A wajen Tommen, daga ranar da ya tsaya gaban Tywin har zuwa kashin ƙarshe na zango na 6 da ya faɗo ta taga, ba wanda ya dube shi ya ambaci sunan Martyn.